Faɗuwa Ƙasa Ba Kaye Ba Ne: Yadda Ake Ƙirga Maki a Kokawar Firistayil

Wanda ya tashi yana kallon kokawar kaka a dandalin gari, ko yake bin gasar Takobi ta Nijar a rediyo, ya san magana ɗaya ce. Da zarar an kai mutum ƙasa, makaɗa su sauya kiɗa, 'yan kallo su ɓarke da ihu, an gama. Shi ya sa ran da irin wannan mutum ya fara ganin kokawar firistayil ta gasar Olamfik a talabijin yakan rikice. Ga shi an ɗaga ƙato an maka shi da ƙasa, amma alƙali ya ɗaga yatsu biyu kawai, kuma aka ci gaba da birgima. Can kuma, ba wanda ya faɗi, sai a ji usur, a ƙara wa wani maki ɗaya. Abin da ke kawo ruɗanin shi ne, a wannan kokawa ba faɗuwa ake saya ba, baya ake saya. Duk yadda ka karkata gadon bayan abokin karawarka zuwa katifa, gwargwadon haka za a biya ka.

Ana yin wasan ne a kan katifa mai da'irar da faɗinta mita 9 ne, an zagaye bakinta ta ciki da zobe ruwan lemo mai faɗin mita ɗaya, don ɗan kokawa ya san ya kusa fita. Ɗaya na sanye da ja, ɗaya da shuɗi. Manya suna yin turmi biyu, kowanne minti 3, da hutun daƙiƙa 30 a tsakani, kuma makin turmin farko ba ya gogewa, ana ɗorawa ne a kansa. Masu hukunci uku ne: alƙalin da ke cikin da'ira da usur a bakinsa, da wani a teburi gefe guda, da shugaban katifa a ɗaya gefen. Ba a rubuta maki sai biyu daga cikinsu sun yarda. An kira ta firistayil ne saboda an halatta kama ƙafa da sa ƙafa a yi taɗiya, saɓanin 'yar'uwarta Gireko-Roman, inda aka hana kama komai daga ƙugu zuwa ƙasa.

Makin da za ka fi gani shi ne biyu. Ana ba da shi idan ka kai abokin karawa ƙasa, ka zagaya bayansa, ka mallake shi. Sharaɗin mallakar nan shi ne abin da sabon ɗan kallo ke kuskurewa. Dole gaɓoɓi uku su taɓa katifa, wato hannaye biyu da gwiwa ɗaya, ko gwiwoyi biyu da hannu ɗaya ko kai, kuma kana bayansa riƙe da shi. Don haka za ka ga an rungumi mutum ta baya, ya dafa hannaye biyu a ƙasa, ya ƙame ƙafafu ya ƙi durƙusawa kamar taurin kan jaki. Ba wasa yake yi ba, ya san muddin gwiwarsa ba ta sauka ba, ba a ci shi komai ba.

Wani makin biyun yana zuwa ne bayan an sauka ƙasa. Wanda aka kayar yakan kwanta rub da ciki, ya baje hannu da ƙafa, ya lafe. Na sama kuma aikinsa ya juya shi. Idan aka mirgina shi har bayansa ya wuce tsaye ya fara fuskantar katifa, ko da na ɗan lokaci ne, ya shiga abin da doka ke kira halin haɗari, an ci maki biyu. Ba sai bayan ya taɓa ƙasa ba. Dabarun da aka fi yi a nan guda biyu ne: a sarƙe hannaye a cikin mutum a matse haƙarƙarinsa a yi birgima da shi, ko a harɗe masa ƙafafu a idon sawu a riƙa juya shi kamar ana naɗe tabarma. Kowace juyawa maki biyu ce. In na sama ya ɗan jima bai iya komai ba, alƙali ya busa usur, duka su miƙe.

Idan kuwa daga tsaye aka kwashe mutum aka kai shi kai tsaye cikin halin haɗari, maki huɗu ne. Biyar ita ce ƙololuwa, kuma ba kasafai ake ganinta a firistayil ba: a ɗaga mutum ƙafafunsa su rabu da ƙasa gaba ɗaya, a yi baka da shi a sama, ya sauka bayansa na kallon katifa. Irin kayen da a dandalinmu zai sa maroƙi ya shekara yana ambata.

Sai maki ɗaya-ɗaya, waɗanda ake rainawa alhali su ke raba manya idan ƙarfi ya zo ɗaya. Wanda aka tura ƙafarsa ta fita daga da'ira ya bayar da ɗaya. Wanda yake ƙasa ya kuɓuce ya hau bayan na sama ya samu ɗaya. Sannan akwai hukuncin noƙewa. Idan alƙali ya ga ɗan kokawa yana ja da baya, yana tare hannu, ba ya kai hari, zai fara yi masa magana. In ya ci gaba, sai a kunna masa agogon daƙiƙa 30. Idan lokacin ya cika ba a ci maki ba, abokin karawarsa ya samu ɗaya. Kuma in aka kai minti biyu a turmin farko allo na nuna babu ci, wajibi ne masu hukunci su zaɓi wanda ya fi noƙewa su sa masa agogon. A ganina wannan ne wurin da doka ta fi barin ƙofa a buɗe, domin noƙewa abu ne na ido, kuma ido biyu ba su cika gani daidai ba.

Mu ɗauki misali mu bi shi. Ja ya tura shuɗi waje, 1 da 0. Ya kama masa ƙafa ɗaya ya kai shi ƙasa ya zagaya bayansa, 3 da 0. A turmi na biyu aka sa wa shuɗi agogo bai yi komai ba, 4 da 0. Saura daƙiƙa ashirin shuɗi ya nutsa ya rungumi cinyoyin ja biyu, ya kai shi ƙasa a kan bayansa, maki huɗu a take. Ja ya murɗe ya kife, lokaci ya cika, 4 da 4. Wa ya ci? Shuɗi. Babu canjaras, babu ƙarin lokaci. Ana fara duba wanda ya yi kamu mafi tsada, kuma huɗu a dunƙule ta fi biyu da ɗaya da ɗaya. In nan ma sun yi daidai, a duba wanda gargaɗinsa ya fi kaɗan, in har yanzu daidai ne, wanda ya ci makin ƙarshe shi ya yi nasara. A allon gasa za ka ga an yi wa makin wanda ke gaba ta wannan hanya alama, don kowa ya san wanda ake bi bashi.

Koci yana da damar ƙalubalantar hukunci a duba bidiyo. In ya yi gaskiya a gyara, damarsa na nan. In ya faɗi, damar ta tafi, kuma a ƙara wa ɗaya ɓangaren maki ɗaya. An ga haka a wasan ƙarshe na ajin kilo 125 a Olamfik ɗin Tokyo a 2021. Geno Petriashvili na Jojiya yana gaba da 8 da 5 a daƙiƙun ƙarshe, Gable Steveson na Amurka ya kai shi ƙasa sau biyu, na biyun dab da ƙarar agogo, ya koma 9 da 8. 'Yan Jojiya suka nemi a duba, bidiyo bai ba su gaskiya ba, aka tashi 10 da 8.

To, me ke tsayar da wasa kafin minti shidan su cika? Na farko ratar maki goma. Ba wanda ya fara kai goma ba, a'a, tazarar ce za ta kai goma, ko 10 da 0 ne ko 14 da 4. Abin yana iya faruwa cikin ƙiftawar ido: kayarwa ɗaya maki biyu, a harɗe ƙafafu a juya mutum sau huɗu, takwas ke nan, an gama tun kafin ɗan kallo ya gyara zama. Sai dai alƙali ba ya busa usur a tsakiyar kamu. Yakan bari motsin ya kammala, domin wanda ake juyawa yana iya cin maki a cikin birgimar ya rage tazarar, kuma na sama yana iya zarcewa ya danne.

Akwai kuma hanyoyin da ba na gwaninta ba. Gargaɗi uku a wasa ɗaya suna fitar da mutum ko da shi ke gaba. Ana samun gargaɗi ne a kan gudu daga katifa da gangan, ko ƙin yarda a kama, ko kamun da aka haramta irin shaƙe wuya da murɗe hannu ta baya da lanƙwasa yatsu, kuma kowanne yana tafe da maki ga abokin karawa. Mugunta ƙarara, kamar cizo ko karo da ka da niyyar jin ciwo, ba ta jiran gargaɗi uku, kora ce nan take. Rauni ma yana kawo ƙarshe idan likitan gasa ya ce ba za a ci gaba ba. Mai zubar jini yana da minti 4 jimilla a duk wasan a tsayar masa da shi, in ya wuce haka an ba ɗayan.

Amma uwa-uba ita ce dannewa, kuma ita ce ta fi kusa da abin da Bahaushe ke kira kaye. A kwantar da mutum rigingine, allunan kafaɗarsa biyu su manne da katifa lokaci guda, a riƙe shi har alƙali ya tabbatar. Shi ya sa za ka ga alƙali ya kwanta shi ma yana leƙen ƙarƙashin kafaɗa. Ba a ƙirga ɗaya, biyu, uku kamar a wasan resilin na talabijin. In ya gamsu ya ɗaga hannu, shugaban katifa ya amince, sai ya doki katifa da tafinsa ya busa usur. Na ƙasa kuwa kafin nan yakan kafa ƙeya da tafin ƙafafu ya bankare, ya yi gada da jikinsa don kafaɗa ɗaya ta ɗaga. Saboda wannan lokaci ne 'yan kokawa ke shekaru suna horar da wuya.

Dannewa ba ta duba allo. A waccan gasa ta Tokyo, Odunayo Adekuoroye ta Nijeriya ta shiga ajin kilo 57 na mata ana sa mata ran lambar yabo. A karonta na farko, da Anastasia Nichita ta Moldoba, ta tara maki 8 kafin ɗayar ta samu ko ɗaya. Kayarwa guda ta rage mata tazara ta kai goma a ɗaga hannunta. Cikin wani kamu Nichita ta juya ta, ta kai kafaɗunta ƙasa ta riƙe, alƙali ya doki katifa. Allo yana nuna Adekuoroye ce ke gaba da maki, hannun Nichita aka ɗaga.