Idan Linki Ya Mutu, Ina Ake Nemo Shafinsa?

A watan Yunin 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci kan sayar wa yara wasannin bidiyo masu zubar da jini. Ɗaya daga cikin alƙalan, Samuel Alito, ya kafa hujja da wani shafin intanet, ssnat.com, mai bayanin wani wasa da ake harbin 'yan makaranta a cikinsa. Ba a jima ba mai shafin ya bar adireshin, wani mutum ya karɓe shi, ya kuma saka rubutun tsokana yana shaida wa masu ziyara cewa abin da alƙali ya gani ya daɗe da ɓacewa. Hukuncin yana nan a kundin shari'a har yau, amma hujjar da ya nuna ba ta wurin.

Wannan ba tsautsayin alƙali ɗaya ba ne. Binciken da Jonathan Zittrain da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard suka fitar a 2014 ya gano cewa kusan rabin linkunan da ke cikin hukunce-hukuncen wannan kotu ba sa kai mai karatu ga abin da aka nufa. A 2024 kuma cibiyar Pew ta bayyana cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke raye a 2013 ba sa buɗuwa bayan shekara goma.

Dalilin yana cikin yadda aka gina intanet ɗin. Linki adireshi ne kawai, ba ya ɗauke da rubutu ko hoto. Idan aka latsa shi, waya tana tambayar wata kwamfuta a wani wuri ta turo shafin. Sunan adireshin kuwa haya ake yi, galibi shekara-shekara, kuma ranar da aka daina biya yana iya komawa hannun kowa. Wani lokacin kamfanin ne yake rufe harkar gaba ɗaya, kamar yadda Yahoo ya yi wa GeoCities a 2009, miliyoyin shafukan talakawa suka tafi. Mafi yawanci ma ba rufewa ake yi ba: jarida ko ma'aikata ta sabunta gidanta na intanet, ta sauya tsarin adireshi, ba wanda ya damu ya haɗa tsofaffin da sababbin. Labarin yana nan, hanyar zuwa gare shi ce ta toshe.

Mutuwar da ta zo da lambar 404 mai sauƙi ce, domin ta faɗi gaskiya cewa ba a samu shafin ba. Wadda ta fi haɗari ita ce irin ta Alito, inda linkin ke buɗuwa lafiya lau amma abin ciki ya sauya. Alamominta sanannu ne: a nemi wani labari takamaimai a tsinci kai a shafin farko na jaridar, ko tallar caca, ko sanarwar cewa adireshin na sayarwa ne.

To ina mafita? Tun 1996 ƙungiyar Internet Archive, wadda Brewster Kahle ya kafa a San Francisco, take ɗaukar kwafin shafuka tana adanawa. A 2001 ta buɗe wa jama'a rumbun da sunan Wayback Machine, kyauta. Mai neman mataccen shafi zai shiga web.archive.org, ya liƙa tsohon adireshin cikakke a akwatin bincike. Idan an taɓa ɗaukarsa, kalanda za ta bayyana da ɗigo a kan ranakun da aka yi kwafi. Launin ɗigon yana da ma'ana. Shuɗi na nufin an samu shafin lafiya, kore na nufin an tura mai ɗaukar zuwa wani adireshi, ruwan lemo ko ja kuma kuskure aka tarar.

A nan mutane da yawa suke tafka kuskure: sai su latsa kwafi na baya-bayan nan, su ga 404 ko tallar caca, su ce babu. Kwafin da ake buƙata shi ne mafi kusa da ranar da aka ambaci linkin. Idan maƙalar da ta kawo shi ta 2015 ce, 2015 za a koma. Ranar tana rubuce a cikin adireshin kwafin kansa:

```
https://web.archive.org/web/20150312093000/http://example.com/labari
```

Lambobin nan 14 shekara ce da wata da rana da awa da minti da daƙiƙa, wato 12 ga Maris 2015, ƙarfe 9:30 na safe agogon GMT. Ko da 2015 kaɗai aka rubuta a gurbinsu, rumbun zai kai mutum ga wani kwafi da ya fi kusa. Idan ba a samu komai ba, a share jelar da ke bin alamar ? a ƙarshen adireshin a sake gwadawa, domin sau da yawa jelar ta bibiyar masu karatu ce kawai. Idan kuma an samu kanun labarin, a nemi kanun a Google, wataƙila labarin ƙaura ya yi.

Rumbun yana da iyaka. Ba ya ganin abin da ke bayan kalmar sirri, don haka saƙonnin WhatsApp da rufaffun zaurukan Facebook ba sa shiga. Bidiyo da taswira kan fito a gurgunce. Hoton da ke cikin kwafi ma yana iya zama na wata rana daban da ta rubutun, abin lura ga ɗan jarida mai tantance labari. Mai shafi yana iya neman a cire nasa. Shi kansa rumbun ba gagara-badau ba ne: a Oktoban 2024 masu kutse sun durƙusar da shi na kwanaki.

Babbar iyakar ita ce ba ya dawo da abin da ba a ɗauka ba tun yana raye, kuma ƙananan shafuka, irin waɗanda ba a cika nuna su daga wasu wurare ba, su aka fi tsallakewa. Shi ya sa ɗalibi ko ɗan jarida bai kamata ya jira sa'a ba. A web.archive.org/save akwai akwatin Save Page Now: a liƙa adireshi, a latsa, a ɗan jira, sai a samu sabon linki mai kwanan wata. A buɗe shi a tabbatar rubutun ne ya fito, ba allon neman rajista ba, sannan a rubuta shi tare da na asali. Hoton fuskar waya bai kai wannan ba, domin kowa na iya ƙirƙirarsa. Abu mai muhimmanci ya cancanci kwafi na biyu a archive.today, da PDF a cikin waya.

Wani lokaci tazarar awanni ce kawai. Ranar 17 ga Yulin 2014 wani shafin VKontakte mai ɗauke da sunan Igor Girkin, kwamandan 'yan aware a gabashin Yukren, ya yi shelar an kakkaɓo jirgin soja samfurin AN-26. Da ta tabbata jirgin fasinja ne na Maleshiya, MH17, mai ɗauke da mutum 298, sai aka goge rubutun. Amma Wayback Machine ya riga ya ɗauke shi, domin makonni biyu kafin nan wani jami'in adana tarihi a cibiyar Hoover da ke Jami'ar Stanford ya saka shafin cikin jerin waɗanda ya nemi a riƙa kwafewa. A Nuwamban 2022 wata kotu a Holan ta yanke wa Girkin ɗaurin rai da rai a bayan idonsa kan harbo jirgin.