Yadda Ake Lissafin Bim Bayan Kankarensa Ya Tsage

Bim ɗin kankare da ya hau kan fila biyu yana lotsawa kaɗan idan nauyi ya hau shi. Samansa yana matsewa, ƙasansa yana miƙewa. Kankare kuwa gwani ne wajen jure matsi, amma ja yana saurin kayar da shi, don abin da yake jurewa na ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da yake jurewa na matsi ba. Shi ya sa ake jera rodi a ƙasan bim, wato ɓangaren da ake ja.

Abin da yakan ba mai gida mamaki shi ne, injiniya yana yin lissafinsa ne da sanin cewa ƙasan bim zai tsage. Rodi ba ya hana tsagewa. Kafin kankare ya tsage ma, ɗan abin da rodin yake ɗauka bai taka kara ya karya ba, sai bayan siraran tsagogi sun bayyana ne ja yake komawa kansa gaba ɗaya. Lissafin da ake yi wa bim a wannan hali shi ake kira nazarin sashen da ya tsage, kuma da shi ake gano wahalar da rodi da kankare suke sha a ƙarƙashin nauyin yau da kullum, da kuma yadda bim zai lotsa.

Lissafin yana tsaye ne a kan wasu sharuɗɗa. Ana ɗauka cewa akwai wani layi a cikin kaurin bim inda babu matsi babu ja, wanda ake kira layin tsaka-tsaki, kuma matsi ko miƙewa yana ƙaruwa daidai da nisan wuri daga wannan layi. Ana ɗauka rodi ya kama kankare gam, ba ya zamewa. Sai sharaɗi mafi girma: duk kankaren da yake ƙasa da layin ana ɗaukarsa kamar babu shi. Aikinsa kawai riƙe rodi a wurinsa da kare shi daga tsatsa da wuta.

Tunda ƙarfe da kankare ba taurinsu ɗaya ba, sai a mayar da su abu ɗaya a kan takarda. Ma'aunin taurin ƙarfe kusan 200,000 N/mm² ne, na kankare mai kyau kuma wajen 25,000. Ke nan ƙarfe ya ninka kankare sau 8, kuma wannan adadi shi ake rubutawa da harafin n. Idan aka ninka faɗin bakin rodin sau 8, an sami adadin kankaren da zai tsaya a madadinsa, da a ce kankare yana jure ja.

A ɗauki bim irin wanda aka saba gani a gidajen Najeriya: faɗinsa milimita 225, daidai da bulo mai inci tara, kaurinsa daga sama zuwa ƙasa milimita 450, tsakanin filolinsa mita 4. A ƙasansa akwai rodi uku masu kaurin milimita 16, waɗanda jimillar faɗin bakinsu As = 603 mm². Daga saman bim zuwa tsakiyar rodin, wato d, milimita 400 ne. A ce kankaren yana jure matsi har 28 N/mm², kuma kowace mita ta bim tana ɗauke da 20 kN, kimanin tan biyu, har da nauyin kansa.

Tambayar farko ita ce ko bim ɗin ya ma tsage. Ƙarfin lanƙwasa a tsakiyarsa shi ne M = wL²/8, wanda ya ba da 40 kNm. Irin wannan kankare yana tsagewa idan ja ya kai wajen 3.3 N/mm², abin da yake faruwa a wannan bim tun a kusan 25 kNm. Saboda haka ya tsage tun kafin nauyin ya cika.

Daga nan sai a nemi zurfin layin tsaka-tsaki daga sama, wato x. Layin yana zama ne a inda kankaren sama da rodin ƙasa suka daidaita:

```
b·x²/2 = n·As·(d − x)
112.5·x² = 4824·(400 − x)
```

Amsar ita ce x kusan milimita 111. Kafin tsagewa layin yana kusa da tsakiyar bim, wajen milimita 225 daga sama, amma yanzu ya haura. A cikin kaurin milimita 450, kashi ɗaya cikin huɗu na sama ne kaɗai kankaren da yake aiki.

Matsin da yake kan wannan yanki ya fi yawa a can sama, yana raguwa har ya ƙare a kan layin, don haka cibiyarsa tana zurfin x/3, wato milimita 37. Tazarar da ke tsakanin wannan cibiya da rodi ita ce 400 − 37 = 363, kuma ita ce hannun da bim yake kokawa da lanƙwasa da shi. Idan aka raba 40 kNm da wannan tazara, za a ga rodin yana jan 110 kN, kusan tan 11, kankaren sama kuma yana tura daidai wannan adadi. A raba wa rodi uku, ya zama 183 N/mm², alhali rodi mai ƙarfi ba ya fara sakewa sai wajen 460. Matsi a saman kankare kuma 8.8 N/mm² ne, ƙasa da sulusin ƙarfinsa. Bim ɗin yana cikin sauƙi.

Inda tsagewa ta fi tasiri shi ne taurin bim. Ana auna shi da Icr = b·x³/3 + n·As·(d − x)², wanda a nan ya kai kusan miliyan 505 mm⁴, alhali na bim da bai tsage ba miliyan 1,709 ne. Kashi 30 cikin ɗari kawai ya rage. Wanda ya lissafa lotsawa da adadin farko zai yi wa kansa ƙarya. A zahiri bim yana faɗuwa ne tsakanin adadin biyu, domin kankaren da ke tsakanin tsaga da tsaga yana ɗan taimaka wa rodi, kuma kusa da fila sau da yawa bai tsage ba.

Lissafin yana nuna dalilin da ya sa wurin da rodi ya zauna ya fi komai muhimmanci a wurin aiki. A ce rodin nan uku sun ɗaga sama da milimita 50 saboda sakacin ɗauri, d ya koma 350. Siminti bai ragu ba, rodi bai ragu ba, amma ja a kan rodi ya hau zuwa 210 N/mm², taurin bim kuma ya ragu da rubu'i. A baranda mai fitowa waje ba tare da fila ba abin ya fi muni, domin a can sama ne ake ja. Idan ma'aikata suka tattake rodin ya yi ƙasa lokacin zuba kankare, hannun lanƙwasar ya kusa ƙarewa.

Wannan nazari yana da iyaka. Yana aiki ne muddin matsi a kan kankare bai wuce kusan rabin ƙarfinsa ba, rodi kuma bai fara sakewa ba, don haka ba ya faɗin nauyin da zai karya bim. Wannan lissafi ne daban. Haka kuma kankare yana ci gaba da matsewa sannu a hankali idan nauyi ya daɗe a kansa shekara da shekaru, shi ya sa ake ɗaga n zuwa wajen 15 idan ana duba dogon lokaci.

Ba kowace tsaga ba ce kuma lissafin ya yi hasashenta. Wadda ya sani siririya ce, tana tasowa daga ƙasan bim a tsaye, tana yawaita a tsakiya, kuma ƙa'idojin gini sun saba iyakance faɗinta a milimita 0.3. Tsagar da ta yi karkace kusa da fila alama ce ta ƙarfin da yake neman yanke bim, kuma tana iya karya shi ba tare da gargaɗi ba. Wadda ta bi tsawon rodi, musamman idan tana fitar da ruwan tsatsa, tana nuna ƙarfen yana kumbura a ciki. Waɗannan biyun, da kuma duk tsagar da take ƙara buɗewa, sai injiniya ya zo ya duba kafin a shafe su da filasta.