Jan kati: abin da alƙalin wasa ke rubutawa bayan an tashi daga fili

 Duk lokacin da aka ɗaga ma yaro jan kati a wasan ƙwallo, gardama ba ta ƙarewa a fili. Tana bin mutane har fada da tashar mota. Wasu su ce arbit ya yi zalunci, wasu su ce ai da sauƙi ma. Amma abin da zai yanke ko yaron zai zauna wasa ɗaya ko wasanni da yawa, takarda ce da alƙalin wasa ke rubutawa bayan kowa ya watse.

Doka ta 5 cikin dokokin ƙwallon ƙafa na hukumar IFAB ta ɗora ma alƙali aika rahoto ga hukumar da ta shirya gasar, ko lig ta jihar Tawa ce, ko FENIFOOT a Yamai. Jan kati shi kaɗai yana hana ɗan wasa buga wasa na gaba. Abin da ya wuce wannan, kwamitin ladabtarwa ne ke ƙarawa. Su ko mutanen kwamiti galibi ba su je filin ba, kuma a wasanninmu na karkara babu kyamarar da za a maida baya a duba. Idonsu shi ne rahoton. A tsarin FIFA ma, abin da alƙali ya rubuta ana ɗaukarsa gaskiya ne, sai in an kawo hujjar da ta rusa shi. Kun ga kenan alƙalami ya fi katin nauyi.

Tambaya ta farko da rahoto zai amsa ita ce: ina ƙwallo take? Doka ta 12 ta raba laifi biyu da mutane ke haɗawa. In ɗan wasa ya shiga neman ƙwallo da ƙarfin da ya wuce kima, har ya sa lafiyar abokin karawa cikin haɗari, wannan mummunar ƙeta ce cikin wasa. In kuwa ba ƙwallo yake nema ba, ya kai naushi, ko karo da ka, ko harbi, wannan tada hankali ne. Dukansu jan kati ne, amma dokokin gasa sukan ware ma kowane nasa hukunci. Rahoton da bai faɗi inda ƙwallo take ba ya bar kwamiti cikin duhu.

Mu ɗauki misali. A ce gasar babban hutu ce, ƙungiyar wani gari ta karɓi baƙi. Alƙali ya kori mai lamba 5 na baƙin, ya je gida ya rubuta haka: "Lamba 5 yaro ne marar kunya, tun farkon wasa yake neman fitina. Da gangan ya so ya ji ma ɗan mutane ciwo, shi ya sa na kore shi. Ya cancanci hukunci mai tsanani."

Wannan ba rahoto ba ne, huce haushi ne. Babu minti, babu wuri, ba a san da me ya buga ba, ba a san ina ya samu ba. "Marar kunya" zagi ne. "Ya so ya ji ciwo" karatun zuciya ne, kuma alƙali ba ya ganin zuciya. Maganar hukunci ko ba hurumin alƙali ba ce. Shugaban ƙungiyar baƙi zai riƙe wannan takarda ya ce ga shaida, dama arbit ya tsani yaronmu.

Ga yadda ya kamata: "A minti na 67, ana 1 da 1, ƙwallo ta fita gefe, jifa na masu gida ne. Kafin a yi jifar, kusa da layin tsakiya, lamba 5 na baƙi ya naushi lamba 9 na masu gida a kunci na hagu da hannun dama a dunƙule, sau ɗaya, da ƙarfi. Ina nesa da su kamar mita 10, babu wanda ya tare mini gani. Lamba 9 ya faɗi, leɓensa ya yi jini, an duba shi a wajen fili, ya komo a minti na 70. Na nuna ma lamba 5 jan kati saboda tada hankali. Ya fita ba gardama. An ci gaba da wasa da jifa."

Ku duba abin da ke ciki. Akwai lokaci da sakamako, akwai wuri, akwai lamba, kuma a takardar gaske ana haɗa ta da suna da lambar lasisi kamar yadda suke a takardar wasa, don kada a hukunta wani da laifin wani. An faɗi gaɓar da ta buga da wadda aka buga, da inda alƙali yake tsaye. An faɗi har abin da zai sassauta ma yaron: sau ɗaya ne, kuma ya fita ba gardama. Mai rahoto na gaskiya ba ya ɓoye wannan. In da yaron ya yi zagi yana fita, sai a rubuta shi daban, kalma da kalma kamar yadda ta fito daga bakinsa, ko da ta yi nauyi. "Ya zage ni" kawai ba ta ishi kwamiti auna girman laifin ba.

To, in alƙali bai gani da idonsa ba fa? Nan ne labarin Zidane ke da darasi. Ran 9 ga Yuli 2006 a Berlin, wasan ƙarshe na kofin duniya tsakanin Faransa da Italiya, a minti na 110 Zinedine Zidane ya kai ma Marco Materazzi karo a ƙirji. Alƙali Horacio Elizondo na Ajantina yana bin ƙwallo, bai gani ba. Alƙali na huɗu, Luis Medina Cantalejo na Sifen, shi ya gani ya gaya masa, sannan aka ɗaga kati. A irin wannan hali alƙali ba zai rubuta "na ga" ba. Zai rubuta "mataimakina ya shaida mini", shi ma mataimakin ya rubuta nasa.

Maganar da Materazzi ya gaya ma Zidane kuwa, binciken FIFA ne ya bi ta daga baya, bayan an saurari su biyun. An yanke ma Zidane wasa 3 da tarar faran Suwis 7,500, da yake ya aje ƙwallo sai ya yi aikin taimakon jama'a na kwana 3. Materazzi, wanda ba a ba kati ba kan wannan, ya sha wasa 2 da tarar 5,000. Haka abin yake a wajenmu. In ƴan kallo na cewa an tsokani lamba 5 kafin ya yi naushi, amma alƙali bai ji ba, ba zai sa shi a matsayin abin da ya faru ba. Ƙungiyar yaron ce za ta kai wannan ga kwamiti da shaidunta.

Don haka ƙwararrun alƙalai ke rubuta minti da lamba a ɗan katinsu tun cikin fili, su tuntuɓi mataimakansu da an tashi, su rubuta rahoton tun kafin surutun gari ya shiga kunnensu. Shugabannin ƙungiyoyi kuma, in an kori ɗan wasanku, ku tambayi masu shirya gasa kwana nawa doka ta ba ku na kai ƙorafi, ku rubuta naku bayanin da irin wannan tsari: minti nawa, a ina, wa ya gani.

Mai tambaya ko ƙarin bayani, ƙofa a buɗe take a shirinmu na wasanni. Allah ya ba mu zaman lafiya a fili da wajen fili.