Daga ina lambobi shidan nan suke fitowa?

Duk mai amfani da manhaja irin su Google Authenticator ya san lambobi shidan da ke sauyawa bayan kowace daƙiƙa 30. Mutane da yawa sun ɗauka turo su ake yi kamar saƙon tes. Ba haka ba ne. Ko babu data, ko babu layi a wayar, lambar za ta fito, domin wayar ce ke lissafa ta da kanta, bisa wata ƙa'ida mai suna TOTP da aka wallafa a 2011.

Abu biyu ake bukata: mabuɗin sirri da agogo. Ranar da ka haska hoton QR da kyamara, mabuɗin ne ka kwafo zuwa wayarka, shafin kuma ya ajiye irinsa a wurinsa. Shi agogon, daƙiƙoƙi ake ƙirgawa tun daga 1 ga Janairun 1970, a raba da 30, a yar da saura. Abin da ya fito shi ne lambar zangon da ake ciki.

Sai a zuba mabuɗin da lambar zangon cikin wani lissafi mai suna HMAC-SHA1, wanda ke dama su ta yadda ba a iya gano mabuɗin daga sakamakon. A tsakuro wani yanki na sakamakon, a riƙe alƙaluma shida na ƙarshe. Akwai misalin gwaji a takardar ƙa'idar: mabuɗin shi ne 12345678901234567890, lokaci kuma daƙiƙa ta 59. An raba da 30, zango na 1 ke nan. Lissafin ya ba da 1094287082, don haka 287082 za ka gani a wayarka. Daƙiƙa ɗaya ta ƙara wucewa, an shiga zango na 2, lambar ta canza gaba ɗaya.

Idan ka rubuta lambar, shafin yakan yi wannan lissafi da nasa mabuɗin da nasa agogon, ya gwada. Galibi yakan karɓi ta zangon da ya wuce ma, saboda mai jinkirin rubutu. Amma in agogon wayarka ya kauce da minti biyu, kowace lamba za a ƙi ta. Kafin ka zargi manhajar, sa wayar ta riƙa saita lokaci da kanta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake sakaci da hoton QR ɗin. Wanda ya samu kwafinsa zai riƙa fitar da lambobinka a tasa wayar ba tare da ka sani ba. Lambar ma, in ka karanta wa ɗan damfara a waya ko ka rubuta a shafin bogi, daƙiƙa 30 sun ishe shi ya shiga. Don haka kada ka tura wa kowa hoton, kada ka faɗa wa kowa lambar. Lambobin ko-ta-kwana da shafin ya ba ka kuwa, rubuta su a takarda ka adana tun kafin wayar ta ɓata.