Kafin Ka Ba Kamfanin Feshi Kwangilar Gidanka

Kuɗin cizo ne ya fi tona asirin mai feshin da bai san aikinsa ba. Za a fesa magani yau, gida ya samu barci na mako guda, sai cizo ya dawo kamar ba a yi komai ba. Dalili shi ne yawancin magungunan feshi ba sa kashe ƙwan wannan ƙwaro, ƙwan kuwa yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10. Saboda haka duk kamfanin da ya ce feshi ɗaya zai raba ka da kuɗin cizo, ko dai bai san ƙwaron ba, ko kuma kuɗinka kawai yake so.

Tun daga zuwan farko ake gane ƙwararre. Ba ya yanka farashi ta waya. Zai zo ya ɗaga katifa, ya haska ɗinkinta da tocila, ya duba mahaɗar katakon gado da bayan kujeru da tsagar bango, yana neman baƙaƙen ɗigo na kashin ƙwaron da saɓar da ya bari. Zai kuma tambaya ko akwai jariri a gidan, ko mai juna biyu, ko mai asma, ko kaji da tumaki a tsakar gida.

Kai ma sai ka yi naka binciken. A Najeriya, hukumar EHCON, wadda a da ake kira EHORECON, ita ke ba kamfanonin feshi lasisi, kuma ita ke yi wa jami'an duba-gari rajista. Ka ce a nuna maka lasisin, ka duba ko wa'adinsa bai ƙare ba, ka kuma tabbatar sunan da ke jikinsa shi ne ke kan rasit. Takardar CAC ba ta wadatar ba, domin rajistar kasuwanci kawai take nunawa, ba ta shaidar ƙwarewa. Maganin kuma ya zo a mazubinsa na asali, da lambar NAFDAC da ranar da zai lalace. Idan an kawo shi a gorar ruwa ba suna, kamar haɗin otapiyapiya, ka sallami mai shi. Haka nan wanda zai zuba maka ƙwayar Phostoxin a ɗakin kwana. Maganin rumbun hatsi ne, iskar da yake fitarwa tana ratsa ɗakuna, tana kashe mutum.

A ɗauka magidanci yana da ɗaki uku da falo, an same su duka da kuɗin cizo. Yarjejeniyar da ya kamata ya sa wa hannu za ta ambaci ƙwaron da sunansa, domin kalmar "feshin gida" ba ta ɗaure kamfani da komai ba. Za ta lissafa ɗakunan huɗu, ta faɗi sunan maganin, ta sa ranar feshi na farko da ranar na biyu bayan kamar mako biyu, lokacin da ƙwan ya ƙyanƙyashe amma 'ya'yan ba su kai ga yin nasu ƙwan ba. Za ta faɗi awa nawa iyali za su yi a waje, da wanda zai biya idan magani ya ɓata kafet ko kujera. Farashin ya haɗa zuwan biyu, kuma mai gida ya riƙe wani kaso, misali rabi, sai an kammala na biyun.

Akwai nauyin da takardar za ta ɗora wa mai gida, kuma a nan ne garanti ya fi rushewa. Za a ce a wanke zannuwan gado da labule da ruwan zafi, a kwashe abinci da kwanuka, kada a goge bango da ƙafafun gado bayan feshi, kada a shigo da katifa ko kujera 'yar gwanjo. Wanda ya saɓa wa ɗaya daga ciki ya ba kamfani hujjar zamewa, don haka a karanta wannan sashe da uwargida, tunda ita ce za ta aiwatar da mafi yawansa.

Garantin kansa ya amsa tambayoyi uku a rubuce: wata nawa zai yi, kwana nawa kamfani zai ɗauka kafin ya zo idan an kira shi, kuma feshin da zai sake kyauta ne ko da kuɗin magani. "In sha Allahu ba za su dawo ba" addu'a ce mai kyau, amma ba ta maye gurbin sa hannu. Wanda kuma ya yi alkawarin cewa har abada an rabu, ya wuce abin da ke hannunsa, domin baƙo ɗaya na iya shigo da ƙwaron a jakarsa.

Idan ƙwaron ya sake ɓullowa, a kama guda a leda, a ɗauki hotonsa, a kira kamfani tun wa'adin garanti bai cika ba. Idan ya ƙi zuwa, da yarjejeniyar da rasit za a kai ƙara sashen duba-gari na ƙaramar hukuma ko hukumar da ta ba shi lasisi.