Kunne ya ji ɗaya, alƙalami ya rubuta biyu

Na buɗe littafin ɗan ƙanwata da ke firamare a Maraɗi, na tarar jan biron malami ya zagaye kalma ɗaya sau huɗu a shafin shifta. Yaron ya rubuta *le marché et loin*, alhali *est* ake so. Na tausaya masa, don kunnensa bai yaudare shi ba. A bakin yawancin masu magana, *et* da *est* kusan sauti ɗaya ne.

Mu Hausawa mun saba da kishiyar wannan. Muna rubuta "gari" ko birni muke nufi ko na tuwo, baki ne ke bambanta su. Faransanci kuwa a baki yake haɗewa, a takarda ya rarrabe. Saboda haka sake saurare ba ya warkar da wannan ciwo, musanya kalma ce maganinsa.

*Est* aikatau ne, daga *être*, don haka yana iya komawa lokacin da ya wuce. *Et* kuwa "da" ne ko "kuma", ba ruwansa da lokaci. Sai a cire kalmar da ake shakka a sa *était*. Mu ɗauki *le marché est loin et le soleil est chaud*. *Le marché était loin* ya zauna daram, kasuwa ta kasance da nisa, to *est* ne. Amma *loin était le soleil* ya wargaza maganar, ashe na tsakiyar *et* ne. Akwai ma alamar da kunne ke kamawa: harafin t na *et* ba ya taɓa manne wa wasalin da ke biye, na *est* kuwa ana jin sa a *il est arrivé*.

*Ou* da *où* sun fi sauƙi. Idan *ou bien* ya shiga gurbin, "ko" ake nufi, ba a sa wa u alama: *du thé ou du café*. Mai alama shi ne "ina" ko "inda", har lokaci ma yana nunawa, kamar *le jour où je suis né*, ranar da aka haife ni.

*Ce* da *se* ne suka fi kayar da ɗalibai, domin ƙa'idar da ake haddacewa, cewa *ce* na gaban suna *se* na gaban aikatau, tana da ɓaraka. *Ce garçon se lave* ya bi ƙa'ida. To ina *ce sont mes frères*? Ga *ce* a gaban aikatau. Ni na fi yarda da mayar da jimlar kan mai magana. *Ils se sont lavés* ya koma *nous nous sommes lavés*, kalmar ta sauya tare da mai aikin, don haka *se* ce. Ta cikin *ce sont mes frères* ba ta motsi, nuni kawai take yi.

Da muka gama gwajin, yaron ya ɗauki fensir ya bi sauran kurakuran uku yana raɗa *était, était*.