Yadda Ake Taƙaita Gwajin Kalmar Sirri a Ƙofar Shiga Shafi

Duk shafin intanet ko manhajar da ke buƙatar suna da kalmar sirri tana da wata ƙofa guda a kan sabarta, wadda galibi ake yi wa adireshi irin su `/login`. Can ake aika abin da mutum ya rubuta, sabar ta duba, ta ce daidai ne ko ba daidai ba. Matsalar ita ce wannan ƙofa ba ta gajiya da amsawa, kuma ba ta san ko mutum ne ke tambaya ko na'ura ba. Ɓarawon asusu ba ya zama yana buga kalmomi da yatsa. Ƙaramar manhaja yake sa wa aiki, ya ba ta jerin kalmomin sirrin da mutane suka fi amfani da su, irin su `123456` da `password`, ta yi ta gwadawa dare da rana.

Lissafin abin mai sauƙi ne. A ce jerin na ɗauke da kalmomi 10,000, sabar kuma tana amsa gwaji 100 a kowace daƙiƙa. Kafin minti biyu su cika an gwada su kakaf. Idan kuwa aka ƙayyade cewa gwaji biyar kawai ake karɓa a minti ɗaya, aikin zai ci minti 2,000, wato fiye da awa 33. Kalmar sirrin ba ta ƙara ƙarfi ba, lokaci ne kawai aka saya. Dabarar da na'urar cire kuɗi ke bi ke nan idan ta tsayar da kati bayan an yi kuskuren lambar sirri sau uku.

Wurin da ya fi sauƙin sa wannan iyaka shi ne sabar da ke fara karɓar buƙatu kafin su isa ga manhajar kanta. A nginx, wadda shafuka da yawa ke amfani da ita, layuka kaɗan ne:

```
limit_req_zone $binary_remote_addr zone=login:10m rate=5r/m;

location /login {
    limit_req zone=login burst=5 nodelay;
    limit_req_status 429;
}
```

Layin farko na cewa a riƙa ƙirga buƙatu bisa adireshin IP na mai aikowa, a ware megabait goma na ajiye ƙirgar, a kuma bar biyar a minti. Sai dai nginx ba ta ɗaukar `5r/m` a matsayin biyar a jere. Rarraba su take yi, ɗaya a kowace daƙiƙa 12. Da haka aka bar shi, wanda yatsarsa ta zame ya sake gwadawa nan take za a kore shi. Shi ya sa ake ƙara `burst=5`, domin a yi masa rangwamen gwaji biyar na gaggawa, `nodelay` kuma na sa a amsa su ba tare da jira ba. Sakamakon haka, idan buƙatu suka zo a jere, shida na farko za su wuce, ta bakwai a mayar da ita. Lambar `429`, wadda aka shigar cikin ƙa'idojin HTTP a 2012, ma'anarta buƙatu sun yi yawa. Idan ba a rubuta ta ba nginx za ta aika `503`, abin da zai sa a zaci sabar ce ta lalace.

Inda aikin ya fi wuya shi ne sanin wa ake ƙirgawa. Ƙirga ta adireshin IP tana da rauni ta ɓangare biyu. Kamfanonin waya suna haɗa masu amfani da layukansu masu ɗimbin yawa a bayan adireshi ɗaya, haka ma shagon intanet ko ofis. A ƙasashen da yawancin jama'a ta waya suke shiga intanet, kamar Najeriya da Nijar, iyaka mai tsauri kan adireshi na iya hana mutane da yawa shiga saboda laifin mutum ɗaya da ba su ma sani ba. Shi kuwa maharin da ya san aikinsa, adiresoshi ba sa yi masa wuyar samu. A 2019 wani mai binciken tsaro ɗan Indiya, Laxman Muthiyah, ya nuna haka a kan Instagram. Lambar sabunta kalmar sirri mai alƙaluma shida ce, wato hanyoyi miliyan ɗaya, kuma tana mutuwa bayan minti goma. Akwai iyaka a ƙofar, amma ya kewaye ta da aika buƙatu a lokaci guda daga adiresoshi masu yawa. Kamfanin Facebook ya toshe ɓarakar, ya ba shi ladar dala 30,000.

Saboda haka ake ƙara ƙirga ta biyu bisa sunan asusun da ake nema, ko daga ina gwajin ya fito. Wannan a cikin manhajar ake yin ta, domin ita ta san sunan, kuma ita ta san ko gwajin ya faɗi. Galibi ana ajiye ƙirgar a ma'ajiya mai sauri irin su Redis, wadda duk sabobin shafin ke dubawa. Idan kowace sabar na riƙe tata ƙirgar daban, shafi mai sabobi huɗu ya ninka wa mahari iyakarsa sau huɗu ke nan. Ƙa'idar da hukumar NIST ta Amurka ta fitar a 2017 ta ce kada kuskure a jere kan asusu ɗaya ya wuce 100. Wannan ita ce iyakar ƙarshe, ana so jinkiri ya fara tun kafin nan.

Rufe asusu ɗungurungum bayan kuskure uku ko biyar ba dabara ba ce, domin duk wanda ya san sunan asusun wani zai iya kulle masa shi da gangan. Jinkirin da ke ƙaruwa ya fi: bayan kuskure na biyar a jira minti ɗaya, sai biyu, sai huɗu, har a tsaya a minti 15. A wannan mataki gwaji 96 kawai mahari zai samu a rana, jerin nan na 10,000 kuma zai ci masa fiye da wata uku. Mai asusun da ya zo daga wayar da ya saba shiga da ita ana iya ware masa tasa ƙirgar, don kada jinkirin ya shafe shi. Dole ne kuma a ƙirga har sunayen da babu su a shafin, a ba da amsa iri ɗaya, in ba haka ba bambancin amsar zai tona wa mahari waɗanne asusu ne na gaske.

Kuskuren da aka fi tafkawa bayan an gama saiti shi ne mantawa cewa akwai wata sabar a gaba. Idan shafin na bayan Cloudflare ko mai rarraba lodi, nginx adireshin wannan sabar take gani, sai ta ɗauki dukan baƙi a matsayin mutum ɗaya. Alamarsa ita ce `429` ta cika rajistar sabar alhali adireshi ɗaya ko biyu ke ta maimaituwa. Gyaran shi ne karanta adireshin gaskiya daga `X-Forwarded-For`, amma daga sabar da aka amince da ita kawai, tunda kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a wannan fili.

Akwai abin da iyakar ba ta iya hanawa. Maharin da ya ɗauki kalma ɗaya ya gwada ta kan asusu dubu, ko wanda ke riƙe da kalmar sirrin gaskiya da aka sace daga wani shafi, gwaji ɗaya kawai yake yi wa kowane asusu, don haka ƙirgar asusu ba za ta motsa ba. Ana gane shi ne idan jimillar kurakuran shiga a dukan shafin ta yi tsalle farat ɗaya. Abin da ke tare shi kuwa shi ne tabbaci na biyu, kamar lambar da manhajar waya ke fitarwa, kuma ita ma ƙofar da ake shigar da wannan lamba tana buƙatar tata iyakar.